Tambayoyi da amsoshi: tarawa da ɗebe firakshan na aljabra idan ƙasansu ya bambanta

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban babbar sakandare suka fi yi a kan wannan darasi, musamman masu shirin WAEC, NECO da JAMB. A nan firakshan na aljabra na nufin firakshan da ke ɗauke da harafi a sama ko a ƙasa, kamar 5/(x² + x − 6). Fakto kuma shi ne abin da ake ninkawa da wani don a sami lamba ko jimlar aljabra, kamar yadda 2 da 3 suke faktocin 6. Misali ɗaya ne zai yi ta dawowa a yawancin amsoshin, don haka ya fi kyau a karanta da biro da takarda a hannu.

Me ya hana in tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, in huta?

Gwada da rabi da rabi. Kowa ya san 1/2 + 1/2 ɗaya ne cif. Idan ka tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, za ka sami 2/4, wato rabi. Ka ga an tara rabi biyu amma ba a matsa ko'ina ba. Dalili shi ne ƙasan firakshan ba adadi ba ne da ake ƙirgawa, girman kason yake faɗa. Sama ne ke faɗin kaso nawa kake da su. Ba za ka iya ƙirga kaso biyu tare ba sai girmansu ya zama ɗaya.

Masu rabon gado sun daɗe da sanin wannan. Idan mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya, matar tana da sumuni, 1/8, uwar tana da sudusi, 1/6. Malamin ba ya tara 8 da 6. Yana neman asalin mas'ala, wato lamba mafi ƙanƙanta da 8 da 6 duka za su shiga ba saura, ita ce 24. Sumuni ya zama 3 cikin 24, sudusi ya zama 4 cikin 24, jimla 7 cikin 24, saura 17 na 'ya'ya. Abin da muke nema a aljabra ke nan, sai dai ƙasan namu yana da x a ciki. Za mu riƙa kiransa ƙaramin ƙasan tarayya. A littattafan makaranta za ka gan shi an rubuta LCD, wasu kuma su ce LCM na ƙasa.

Ta yaya aka sami 24 ɗin? Ni 48 na samu.

Ka ninka 8 da 6 ne kai tsaye. Ita ma 48 tana aiki: 6/48 + 8/48 = 14/48, sannan ka rage zuwa 7/24. Amma lura da inda ƙarin aikin ya fito. Idan ka warware kowace lamba zuwa faktocinta, 8 = 2 × 2 × 2, 6 = 2 × 3. Akwai 2 guda ɗaya da ke cikin su duka biyun. Da ka ninka 8 da 6, wannan 2 ɗin ka ƙirga ta sau biyu, shi ya sa daga baya dole ka koma ka cire ta. Wanda ya fara da faktoci zai ce: ina bukatar 2 sau uku don 8 ta shiga, ina bukatar 3 don 6 ta shiga, 2 ɗin da 6 ke nema kuwa tana nan cikin ukun da na riga na ɗauka. Sai ya sami 2 × 2 × 2 × 3 = 24.

Da lambobi ƙanana bambancin bai taka kara ya karya ba. Da aljabra kuwa, bambancin ya kai a gama tambaya cikin layi huɗu ko a cika shafi ba a gama ba.

To a nuna mini aikin daga farko har ƙarshe.

Mu ɗauki wannan:

5/(x² + x − 6) + 2/(x² − 4)

Kafin ka taɓa komai a sama, warware ƙasa biyun. Don x² + x − 6 kana neman lambobi biyu da idan an ninka su za a sami −6, idan an tara su a sami +1. Su ne +3 da −2. Don haka x² + x − 6 = (x + 3)(x − 2). Na biyun, x² − 4, bambancin sikwaya biyu ne, x² ɗebe 2², kuma irin wannan kullum yana warwaruwa zuwa (x − 2)(x + 2). Yanzu tambayar ta koma:

5/[(x + 3)(x − 2)] + 2/[(x − 2)(x + 2)]

Ga abin da ke ɓoye ya fito: (x − 2) yana cikin ƙasa biyun. Da ido kawai, ba tare da warwarewa ba, babu wanda zai ga dangantaka tsakanin x² + x − 6 da x² − 4.

Sai ka gina ƙaramin ƙasan tarayya. Rubuta kowane fakto daban da ya bayyana, wanda suka yi tarayya a kansa kuma ka rubuta shi sau ɗaya:

(x + 3)(x − 2)(x + 2)

Daga nan ka dubi kowane firakshan ka tambayi kanka, me ƙasansa ya rasa kafin ya kai wannan? Na farko yana da (x + 3) da (x − 2), ya rasa (x + 2). Ka ninka samansa da ƙasansa da (x + 2). Na biyu yana da (x − 2) da (x + 2), ya rasa (x + 3). Ka ninka samansa da ƙasansa da (x + 3). Ba ka canza darajar kowannensu ba, domin ninka sama da ƙasa da abu ɗaya daidai yake da ninkawa da 1. Yanzu ƙasa ya zama ɗaya, sai a haɗa sama:

[5(x + 2) + 2(x + 3)] / [(x + 3)(x − 2)(x + 2)]

Buɗe bakan da ke sama: 5x + 10 + 2x + 6 = 7x + 16. Amsa:

(7x + 16) / [(x + 3)(x − 2)(x + 2)]

Abu na ƙarshe shi ne ka duba ko saman yana ɗauke da wani daga cikin faktocin ƙasa. 7x + 16 ba ya warwaruwa, kuma bai yi daidai da kowane daga cikin ukun ba. An gama.

Idan na ninka ƙasa biyun kai tsaye ba tare da warwarewa ba, amsata kuskure ce?

Ba kuskure ba ce, amma ba ta kammala ba, kuma kammala ta yana da wuya. Mu bi wannan hanyar da misalin da muka yi don ka gani da idonka. Ƙasa zai zama (x² + x − 6)(x² − 4). Sama zai zama 5(x² − 4) + 2(x² + x − 6), wanda idan an buɗe ya ba da 7x² + 2x − 32. Idan kuma ka buɗe ƙasan, kamar yadda ɗalibai da yawa ke yi, za ka sami x⁴ + x³ − 10x² − 4x + 24.

To yanzu an ce ka rage amsa zuwa mafi sauƙin siffarta. Dole ka gano cewa 7x² + 2x − 32 = (7x + 16)(x − 2), sannan ka gano cewa (x − 2) yana ɓoye cikin wancan dogon ƙasa mai pawa huɗu. Ana iya yi, amma ka ƙirƙiro wa kanka aiki biyu masu wuya don ka guje wa biyu masu sauƙi. Wannan (x − 2) da ke damunka a ƙarshe shi ne fakton da ka ƙirga sau biyu tun farko, kamar 2 ɗin da ta mayar da 24 zuwa 48.

Akwai lokacin da ninka ƙasa biyun shi ne daidai: idan babu fakton da suka yi tarayya a kai. A 1/(x + 1) + 1/(x + 4), ƙaramin ƙasan tarayya shi ne (x + 1)(x + 4), babu wata gajerar hanya. Sai dai ba za ka tabbatar babu tarayyar ba sai ka warware.

Shin zan buɗe bakan da ke ƙasa a amsar ƙarshe?

Shawarata ita ce kada ka buɗe. Buɗe na sama dole ne, domin sai an buɗe ake iya haɗa gaɓoɓi masu kama da juna. Na ƙasa kuwa ka bar shi a warware, saboda a haka ne za ka ga abin da zai soke, a haka ne kuma za ka ga lambobin da x ba zai iya zama ba. A tambayoyin zaɓi, idan amsoshin da aka jera an buɗe ƙasansu, sai ka buɗe naka a ƙarshe don ka kwatanta.

Na iya tarawa, amma a ɗebewa kullum amsata tana bambanta da ta littafi. Ina matsalar?

Kusan kullum matsalar tana wuri ɗaya: alamar ɗebewa ta tsaya a gaɓar farko, ba ta kai ga sauran ba. Mu riƙe ƙasan da muka saba da su, mu canza tambayar:

5/(x² + x − 6) − 4/(x² − 4)

Warwarewar ba ta canza ba, ƙaramin ƙasan tarayya ma bai canza ba. Sama ya zama:

5(x + 2) − 4(x + 3)

Wannan −4 ɗin yana ninka duk abin da ke cikin baka, x da 3 baki ɗaya. Don haka −4(x + 3) = −4x − 12. Sama ya zama 5x + 10 − 4x − 12 = x − 2. Mai gaggawa yakan ninka 4 da (x + 3) a ransa, ya sami 4x + 12, sannan ya ɗora mainas a gaba ba tare da baka ba: 5x + 10 − 4x + 12. Sai ya sami x + 22. Duk sauran aikinsa daidai ne, amma amsa ta lalace.

Maganin ba wani wayo ba ne, ƙarin layi ɗaya ne. Rubuta layin da ke da baka tukuna, kamar yadda na rubuta a sama, sannan a layi na gaba ka buɗe. Kada ka haɗa ninkawa da ɗebewa a mataki ɗaya, ko da kana ganin ka ƙware. Idan kuma saman firakshan na biyu tun asali yana da gaɓa fiye da ɗaya, kamar 2x − 7, ka sa shi cikin baka tun kafin ka fara, domin mainas ɗin na dukansa ne: −(2x − 7) = −2x + 7.

Mu ƙarasa misalin, don akwai abin lura a ƙarshensa:

(x − 2) / [(x + 3)(x − 2)(x + 2)]

Saman duka shi ne (x − 2), kuma (x − 2) fakto ne a ƙasa. Suka soke juna, sama ya rage 1:

1 / [(x + 3)(x + 2)]

Lura cewa 1 ne ya rage a sama, ba sifili ba, domin sokewa rabawa ce, kuma abu idan aka raba shi da kansa 1 ake samu. Ka kuma lura cewa wanda ya yi kuskuren alama, da x + 22 a samansa, ba zai ga abin sokewa ba sam. Masu tsara tambayoyi suna son irin wannan da ke raguwa da kyau a ƙarshe, don haka idan tambaya ta ce a sauƙaƙe amma ka ƙare da abu mai nauyi, koma ka duba alamominka kafin komai.

Tunda an yi amfani da ƙasa mafi ƙanƙanta, me ya sa har yanzu aka sami abin sokewa?

Ƙaramin ƙasan tarayya yana tabbatar maka ba ka ƙirga wani fakto sau biyu ba. Ba ya yi maka alkawarin cewa saman da zai fito bayan haɗawa ba zai ɗauki wani fakton ƙasa ba. Haka yake a lambobi: 1/6 + 1/3 = 1/6 + 2/6 = 3/6, wanda ya ragu zuwa 1/2, alhali 6 ita ce mafi ƙanƙanta da za a iya amfani da ita. Shi ya sa duba sama a ƙarshe mataki ne mai zaman kansa.

Yaushe ake sokewa, yaushe ba a sokewa?

Ana soke fakto, ba a soke gaɓa. Fakto yana ninka duk abin da ke sama ko duk abin da ke ƙasa. Gaɓa kuwa tana haɗe da sauran da alamar tarawa ko ɗebewa. A (x + 6)/(x + 2), x gaɓa ce a sama, gaɓa ce a ƙasa. Wanda ya soke x da x ya ce amsa 6/2 = 3, sai ya sa x = 2 ya gani: 8/4 = 2, ba 3 ba.

Wurin da wannan kuskure ya fi yaudarar mutane shi ne tsakiyar aiki, a layin nan:

[5(x + 2) − 4(x + 3)] / [(x + 3)(x − 2)(x + 2)]

Ido yana ganin (x + 2) a sama da ƙasa, hannu yana so ya ja layi. Kada ka ja. Wannan (x + 2) ɗin 5 kaɗai yake ninkawa, bai shafi −4(x + 3) ba, don haka ba fakton saman duka ba ne. Jira sai ka haɗa sama ya zama abu ɗaya, ka warware shi idan yana warwaruwa, sannan ka nemi abin sokewa.

Idan fakto ɗaya ya maimaitu a ƙasa ɗaya fa?

Nan ne ƙa'idar "rubuta shi sau ɗaya" take bukatar gyara. Cikakkiyar ƙa'idar ita ce: kowane fakto ana ɗaukarsa da pawa mafi girma da ya bayyana da ita a cikin ƙasa guda. Duba:

3/(x² + 2x + 1) − 2/(x² − 1)

Ƙasan farko (x + 1)(x + 1) ne, wato (x + 1)². Na biyu (x + 1)(x − 1) ne. Idan ka ɗauki (x + 1)(x − 1) kawai, ƙasan farko ba zai shiga ba, domin yana bukatar (x + 1) guda biyu. Idan kuma ka ɗauki (x + 1) guda uku, biyu daga nan ɗaya daga can, ka yi yawa. Ƙasan da ya fi bukata yana neman biyu, don haka biyu za ka ɗauka:

(x + 1)²(x − 1)

Na farko ya rasa (x − 1). Na biyu yana da (x + 1) ɗaya, ya rasa ɗayan. Sama: 3(x − 1) − 2(x + 1) = 3x − 3 − 2x − 2 = x − 5. Amsa ita ce (x − 5)/[(x + 1)²(x − 1)].

Lambobin da ke gaban harafi a ƙasa, su ma suna shiga lissafin?

Suna shiga, kuma su ne farkon abin da ya kamata ka ciro. Kafin ka nemi wata dabarar warwarewa, duba ko akwai lamba ko harafin da ke cikin dukan gaɓoɓin ƙasan. A 1/(2x + 6) + 1/(3x + 9), ƙasa biyun suna kama da baƙin juna, amma 2x + 6 = 2(x + 3), 3x + 9 = 3(x + 3). Ƙaramin ƙasan tarayya 6(x + 3) ne, amsa kuma (3 + 2)/[6(x + 3)] = 5/[6(x + 3)].

Haka a 1/(6x²) + 5/(4x): lambobin 6 da 4 suna haɗuwa a 12, ba 24 ba, x kuma pawarsa mafi girma x² ce. Ƙasa 12x², sama 2 + 15x.

Na ga x − 5 a ƙasa ɗaya, 5 − x a ɗayan. Fakto ɗaya ne ko biyu?

Ɗaya ne, alama ce kawai ta raba su. 5 − x = −(x − 5). Gwada da x = 8: ɗaya ya ba da −3, ɗayan ya ba da 3. Don haka ka juya ɗaya daga ciki ya koma kamar ɗan'uwansa, mainas ɗin da ya fito ka kai shi gaban firakshan ɗin. Misali:

x/(x² − 25) + 1/(5 − x)

Ƙasan farko (x − 5)(x + 5) ne. Firakshan na biyu ya koma −1/(x − 5), wato tarawa ta zama ɗebewa. Ƙaramin ƙasan tarayya (x − 5)(x + 5). Sama: x − (x + 5) = −5. Amsa ita ce −5/[(x − 5)(x + 5)].

Kada a rikita wannan da x + 5 da 5 + x. Waɗannan abu ɗaya ne ba tare da canza wata alama ba. Su kuma x − 5 da x + 5 faktoci biyu ne daban, babu juyin da zai mayar da ɗaya ya zama ɗayan.

Idan ƙasa ya ƙi warwaruwa fa?

Sai ka ɗauke shi dunƙule a matsayin fakto ɗaya. x² + 4 ba ya warwaruwa da lambobin da muke aiki da su a wannan mataki. Ɗalibai da yawa suna rubuta shi (x + 2)², amma sa x = 1: x² + 4 ya ba da 5, (x + 2)² ya ba da 9. Bambancin sikwaya biyu ne ke warwaruwa, jimlarsu ba ta yi. Saboda haka a 1/(x² + 4) + 1/(x + 2) babu tarayya, ƙasa (x² + 4)(x + 2) ne, sama kuma (x + 2) + (x² + 4) = x² + x + 6.

Idan kana shakkar ko ƙasa irin ax² + bx + c zai warwaru, lissafa b² − 4ac kafin ka ɓata lokaci kana laluben lambobi. In ya fito cikakkiyar sikwaya, kamar 1, 4, 9, 25 ko 49, ko kuma sifili, zai warwaru da lambobi masu sauƙi. In ya fito da mainas, ba zai warwaru ba. A x² + x − 6 an sami 1 + 24 = 25, shi ya sa ya warwaru. A x² + x + 1 an sami 1 − 4 = −3, don haka a bar shi yadda yake. A 2x² + 5x − 3 an sami 25 + 24 = 49, kuma lallai ya warwaru zuwa (2x − 1)(x + 3).

Idan ɗaya daga cikinsu ba firakshan ba ne?

Ƙasansa 1 ne. A 2 + 3/(x − 1), ka mayar da 2 zuwa 2(x − 1)/(x − 1). Sama ya zama 2x − 2 + 3 = 2x + 1, amsa (2x + 1)/(x − 1).

Guda uku fa?

Babu sabon abu, sai dai ka gina ƙasan tarayya daga dukansu a lokaci ɗaya maimakon ka haɗa biyu sannan ka ƙara na uku. A 1/(x − 2) + 1/(x + 2) − 4/(x² − 4), ƙasan na uku shi kansa ne ƙaramin ƙasan tarayya, domin ya ƙunshi sauran biyun. Sama: (x + 2) + (x − 2) − 4 = 2x − 4 = 2(x − 2). Bayan sokewa, 2/(x + 2).

Ta yaya zan san amsata daidai ce idan babu amsa a bayan littafi?

Zaɓi wata lamba ka sa a madadin x, a tambayar asali da kuma a amsarka. Dole su fito daidai. Wannan gwaji ba ya cin minti ɗaya, kuma ina ganin babu ɗabi'ar da ta fi shi amfani a wannan darasi. Ɗauki misalin ɗebewa, 5/(x² + x − 6) − 4/(x² − 4), ka sa x = 0. Na farko ya ba da 5/(−6), na biyu 4/(−4) = −1. Don haka −5/6 + 1 = 1/6. Amsarmu, 1/[(x + 3)(x + 2)], ta ba da 1/(3 × 2) = 1/6. Sun yi daidai. Amsar mai kuskuren alama, (x + 22)/[(x + 3)(x − 2)(x + 2)], ta ba da 22/(−12), wato −11/6. Nan take kuskuren ya bayyana.

Gwajin yana da iyaka. Idan lambobin suka saɓa, tabbas akwai kuskure. Idan suka yi daidai, hujja ce mai ƙarfi amma ba yankakkiya ba, domin wata lambar tana iya rufe kuskure. Sifili ya fi kowa yin haka, tunda yana kashe duk gaɓar da ke da x. Ka tuna (x + 6)/(x + 2) da aka soke ba daidai ba aka ce 3 ne? Sa x = 0 za ka sami 6/2 = 3, kamar babu laifi. Ita ma 1 tana ɓoye kuskuren pawa, domin x da x² duka 1 suke bayarwa. Don haka idan ka gwada da sifili don sauƙi, ka ƙara da wata lamba kamar 4 ko −4. Kuma kada ka zaɓi lambar da za ta mayar da wani ƙasa sifili.

Mece ce ma'anar "x ≠ 2" da ake rubutawa gefen amsa? Dole ne?

Ba a raba lamba da sifili, don haka duk darajar x da za ta mayar da ƙasa sifili an hana ta. Wata fa'idar warwarewa ke nan, domin faktocin suna nuna maka waɗannan lambobi kai tsaye. Daga (x + 3)(x − 2)(x + 2), x ba zai zama −3 ba, ba zai zama 2 ba, ba zai zama −2 ba.

Muhimmin abu shi ne daga ƙasan tambayar asali ake karanta su, ba daga amsar da aka rage ba. Amsarmu ta ɗebewa, 1/[(x + 3)(x + 2)], ba ta nuna wata matsala a x = 2, tana ba da 1/(5 × 4) = 1/20 lafiya lau. Amma a tambayar asali, x = 2 yana ba da 5/0 − 4/0, wanda ba shi da ma'ana. Da muka soke (x − 2), mun raba sama da ƙasa da shi ne, kuma hakan yana halatta ne kawai idan x − 2 ba sifili ba ne. Cikakkiyar amsa ita ce 1/[(x + 3)(x + 2)], da sharaɗin x ≠ −3, x ≠ −2, x ≠ 2. Ko da tambaya ba ta nemi sharaɗin ba, ka rubuta shi a gefe da zarar ka gama warwarewa, kafin sokewa ta ɓatar da shi.

A wani darasi an koya mana mu ninka da ƙasan tarayya, ƙasa ya ɓace gaba ɗaya. Me ya sa a nan yake zama?

Wancan darasin na ikweshan ne, inda akwai alamar daidai da ɓangarori biyu. A can kana ninka hagu da dama da abu ɗaya, ma'auni bai karkata ba, ƙasa ya tafi. A nan babu ɓangare na biyu. An ba ka jimlar aljabra ne kawai aka ce ka sake rubuta ta a siffa mafi sauƙi, kuma dole darajarta ta zauna yadda take. Wanda ya yar da ƙasa ya ce amsar tarawarmu 7x + 16 ce, daidai yake da wanda ya ce 1/8 + 1/6 = 7.

Idan aka mayar da misalinmu ikweshan, za ka ga inda sharaɗin da muka rubuta a gefe yake aiki:

5/(x² + x − 6) − 4/(x² − 4) = 1/20

Mun riga mun san hagu ya ragu zuwa 1/[(x + 3)(x + 2)]. Don haka (x + 3)(x + 2) = 20, wato x² + 5x + 6 = 20, wato x² + 5x − 14 = 0. Wannan ya warwaru zuwa (x + 7)(x − 2) = 0, ya ba da x = −7 ko x = 2. Amma 2 tana cikin lambobin da aka hana, don haka an jefar da ita. Saura −7. Gwada ta a tambayar asali: ƙasan farko (−4)(−9) = 36, na biyu (−9)(−5) = 45, sannan 5/36 − 4/45 = 25/180 − 16/180 = 9/180 = 1/20. Amsar ikweshan ɗin x = −7 ce kaɗai.